Kati Ɗari Shida Cikin Mako Takwas: Yadda Ake Tsara Bitar Jarrabawa Daga Ƙarshe Zuwa Farko

Idan saura mako takwas a shiga jarrabawar ƙarshe, yawancin ɗalibai tambaya ɗaya ce a bakinsu: shafi nawa zan karanta kullum? Mai bita da katunan tambaya yana da wata tambayar da ta fi wannan nauyi, wato wace rana ce ta ƙarshe da sabon kati zai iya shiga hannuna, kuma ya samu bitar da ta ishe shi kafin a shiga ɗakin jarrabawa? Duk tsarin mako takwas ɗin a kan amsar wannan tambaya yake zaune, shi ya sa ake fara lissafinsa daga ranar jarrabawa a dawo baya.

Katin tambaya ba wani abu ba ne mai wuya. Guntun takarda ne, tambaya a fuska ɗaya, amsa a bayansa. Ka karanta tambayar, ka faɗi amsar daga ka, sannan ka juya ka duba. Idan ka ci, sai ka ajiye katin, ba za ka sake ganinsa ba sai bayan 'yan kwanaki, kuma duk lokacin da ka sake cin sa tazarar tana ƙaruwa. Idan ka faɗi, ya dawo farko. Wanda ya yi karatun allo ya san tushen abin, domin babu malamin da zai bar almajiri ya yi ta ƙarin sabon karatu ba tare da tishin na baya ba. Abin da katuna suka ƙara shi ne lissafi: kowace tambaya tana da ranarta.

Dalilin tazarar

A shekarar 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, yana auna nawa ya rage a kansa bayan awa, bayan kwana, bayan wata. Ya ga cewa mantuwa tana da gaggawa a farko, daga baya ta lafa. Ke nan sabon karatu yana buƙatar bita da wuri, wanda ya riga ya zauna kuwa yana iya jira.

Abu na biyu shi ne yadda ake bitar. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a wata jami'a da ke St. Louis a Amurka, sun sa wasu ɗalibai su yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu kuma su karanta, su rufe, su yi ƙoƙarin tuno abin da ke ciki. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatun ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, masu tunowa suka wuce su. A nan ɗalibai da yawa suke ruɗuwa: karanta littafin darasi sau uku a dare ɗaya yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali ido ne kawai ya saba da shafin. Bayan shekara biyu da wannan, Nicholas Cepeda da abokan aikinsa suka nuna cewa tazarar da ta fi dacewa ta danganta da nisan ranar gwaji. Idan gwajin yana nan da mako guda, kwana ɗaya ko biyu ya isa tsakanin bita da bita. Idan yana nan da wata ɗaya ko biyu, tazarar tana kamawa daga mako ɗaya zuwa uku. Daga nan muka ɗauko iyakar da za mu yi amfani da ita.

Lissafin da kansa

Mu ɗauki ɗaliba 'yar aji uku na babbar sakandare, wadda za ta zauna jarrabawar WAEC. Ta duba darussanta uku masu yawan hadda, Bayoloji da Kemistiri da Fizis, ta ƙiyasta cewa abubuwan da dole su zauna mata a ka za su kai kati 600. Yau ce rana ta 1, ranar jarrabawa kuma ta 56.

Matakan da za ta bi su ne waɗannan: ta koyi kati yau, ta sake ganinsa bayan kwana 1, sai bayan kwana 3, sai bayan kwana 7, sai bayan kwana 14. Daga nan tazarar ba ta ƙara girma, kwana 14 ce iyaka. Katin da ya shiga a rana ta 1 zai dawo mata a rana ta 2, ta 5, ta 12, ta 26, ta 40 da ta 54. Abin lura shi ne jimillar matakai huɗun farko: 1 da 3 da 7 da 14 sun tashi kwana 25. Kati yana buƙatar kwana 25 kafin ya gama zagayensa. Idan bitar ƙarshe za ta faɗo a jajibirin jarrabawa, wato rana ta 55, to dole sabon kati na ƙarshe ya shiga a rana ta 30. A raba 600 gida 30, an samu kati 20 kullum.

Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma shi ne abin da ɗalibai suka fi ƙi: ƙofar sababbin katuna tana rufewa tun a farkon mako na biyar, alhali saura fiye da mako uku. Wanda ya shimfiɗa katunansa 600 har zuwa rana ta 50, yana ganin ya sauƙaƙa wa kansa da kati 12 kullum, zai shiga jarrabawa da katunan ƙarshe waɗanda sau biyu kawai ya yi bitarsu. Kuma galibi waɗannan su ne babukan da malami ya koyar a gurguje a zango na ƙarshe, waɗanda dama ba su zauna ba.

Yanzu mu ga nauyin kowace rana, domin nan ne mutane suke mamaki. A rana ta farko kati 20 ne kawai, abu kamar wasa. Daga rana ta 2 zuwa ta 4 sababbi 20 ne da bita 20. Daga ta 5 bitar ta zama 40, daga ta 12 ta zama 60, daga ta 26 zuwa ta 30 kuma bita 80 ce da sababbi 20, kati 100 a rana. Wannan lissafin wadda ba ta faɗuwa ne, kuma babu irin wannan ɗaliba. Duk katin da ta faɗi zai koma farko ya sake hawa matakan, don haka a ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu a kai. A ƙarshen mako na huɗu da farkon na biyar ta sa ran kati 120 zuwa 130 a rana. A ce kowane katin bita yana cin sakan 15, sabo kuma minti guda, to wajen minti 45 ke nan a ranar da ta fi nauyi. Abu ne mai yiwuwa, musamman idan an raba shi biyu, rabi bayan sallar asuba rabi bayan la'asar. Amma ya kamata mutum ya san da zuwan wannan tudu tun daga rana ta farko, kada sauƙin makon farko ya ja shi ya ninka sababbin katuna.

Ga abin da ke faruwa ga mai zumuɗi. Ya ce zai zuba dukkan 600 cikin mako guda, wato kusan 86 kullum. A rana ta 5 yana da sababbi 86, da bitar na jiya 86, da bitar na rana ta farko 86, jimilla 258, ban da waɗanda ya faɗi. Ba a cika wuce rana ta shida da irin wannan ba. Sai ya ajiye katunan ya ce hanyar ba ta aiki.

Bayan rana ta 30 nauyin yana sauka da sauri. Daga rana ta 35 har zuwa ƙarshe, yawancin kwanakin kati 40 ne, in ban da kwana huɗu da suke kaiwa 60. Akwai kuma wata fa'ida da iyakar kwana 14 take kawowa: tsakanin rana ta 42 da ta 55, kowane ɗaya daga cikin katuna 600 zai zo gabanta ba tare da ta tsara wata bitar gaggawa ba. Ba ta buƙatar kwana biyu tana juya kati ɗari shida a jajibiri.

Da takarda ko da waya

Hanyar takarda da aka fi sani ita ce ta Sebastian Leitner, ɗan jarida Bajamushe da ya bayyana ta a littafinsa na 1972: akwati mai gida-gida, katin da aka ci ya matsa gaba, wanda aka faɗi ya koma gidan farko. Ga mai mako takwas, na fi son hanyar ɗauri, domin ta fi bin kwanan wata. Katuna 20 na kowace rana a ɗaure su da roba, a sa musu lamba, ɗauri na 1 har zuwa na 30. A jikin bango a manna jadawalin kwana 55, gaban kowace rana a rubuta lambobin ɗaurin da za a buɗe. Gano su ba wuya: a cire 1, da 4, da 11, da 25, da 39, da 53 daga lambar ranar, duk amsar da ta faɗo tsakanin 1 da 30 lambar ɗauri ce. A rana ta 26, misali, za a buɗe ɗauri na 25, na 22, na 15 da na 1. Katin da aka faɗi a zare shi daga ɗaurinsa a sa cikin ɗaurin yau, ya bi sababbi. Bayan rana ta 30, da babu sabon ɗauri, waɗanda aka faɗi su haɗu su zama ƙaramin ɗauri na ranar, a bi su da kwana 1, 3 da 7.

Farar takarda irin ta fotokwafi tana ba da kati takwas, don haka 75 sun isa kati 600. Sai dai siririya ce, tawadar biro tana fitowa ta baya, ido kuma ba ya jin kunyar satar amsa. A rubuta amsar da fensir, ko a yanka kwali.

Mai wayar Android yana iya sauke AnkiDroid, kyauta ce kuma tana aiki ba tare da data ba. Reshe ce ta manhajar Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006, ta kuma gaji lissafinta daga na Piotr Woźniak, ɗan ƙasar Poland da ya ƙirƙiro SuperMemo a 1987. Matsalarta ga mai jarrabawa ita ce an gina ta ne don riƙe abu shekara da shekaru, ba ta san ranar WAEC ba. A tsohon tsarinta tana ninka tazara kusan sau biyu da rabi duk lokacin da aka ci kati: kwana 1, sai kamar 3, sai 8, sai 20, sai 50. Katin da aka ba kwana 50 a mako na biyar ya tsallake jarrabawar ke nan. Maganin abin yana cikin saitin rukunin katunan:

```
New cards/day: 20
Maximum reviews/day: 9999
Maximum interval: 14
Leech threshold: 4
```

Layi na biyu yana hana manhajar ɓoye bitar da ta wuce 200 a rana, wadda ita ce iyakar da take zuwa da ita. Na uku shi ne iyakarmu ta mako biyu. Na huɗu zai sa ta yi wa kati alama idan an faɗe shi sau huɗu, maimakon takwas da ta saba, domin mai mako takwas ba shi da lokacin jiran faɗuwa takwas. A rana ta 31 sai a mayar da layin farko sifili. Akwai kuskure guda da ke lalata lissafin manhajar gaba ɗaya: danna Hard a kan katin da aka manta. Hard na nufin ka tuna da ƙyar, kuma manhajar tana ɗaukarsa a matsayin ci. Idan amsar ba ta zo ba, ko ta zo rabi, Again ake dannawa.

Abin da ake rubutawa a kati

Jadawali mai kyau ba zai ceci mummunan kati ba. Katin da ya ce "yi bayanin yadda jini yake zagaya jiki" ba shi da amfani, domin amsarsa rabin shafi ce, kuma idan ka tuno kashi biyu cikin uku ba ka san ko ci ka yi ko faɗuwa ba. A farfasa shi. Wane ɗakin zuciya ne yake tura jini zuwa sauran jiki? Na ƙasa a hagu. Wace jijiya ce take fita daga zuciya ɗauke da jinin da iskarsa ta ƙare? Wadda take zuwa huhu. Kowanne amsa ɗaya, wadda za a faɗa cikin numfashi guda. Haka a Kemistiri: mol ɗaya na iskar gas a ma'aunin zafi da matsi na ƙa'ida yana cin wuri nawa? 22.4 dm³. A Fizis: wace dabara ce ta haɗa gudun ƙarshe da na farko da hanzari da lokaci? v = u + at. Tunda da Turanci za a yi jarrabawar, da Turanci za a rubuta tambaya da amsa, da irin kalmomin da mai maki yake nema, ko da an ƙara ɗan bayani da Hausa a gefe.

Kada a rubuta kati a kan abin da ba a gane ba. A koma wurin malami ko littafi tukuna, kati na riƙe abin da aka fahimta ne. A kuma sa lokacin rubutun cikin lissafi, domin rubuta kati 20 masu kyau yana iya cin fiye da rabin awa. Zai fi sauƙi a zauna ranar Asabar ko Lahadi a rubuta na makon gaba, 140 ke nan, a jera su ta yadda babukan da suka fi wuya, da waɗanda suka fi fitowa a tambayoyin shekarun baya, za su shiga a makonni biyun farko. Su ne za su samu bita shida ko biyar, na ƙarshe kuwa huɗu. Kowane ɗauri a gauraya darussan uku a ciki, kada a ce wannan makon na Bayoloji ne zalla.

Inda abin yake lalacewa

A ce ɗalibarmu ta kwanta zazzaɓi daga rana ta 22 zuwa ta 24. Ranar da ta tashi, ta 25, bitar da ta taru har da ta ranar ta kai kati 160, ga kuma sababbi 60 da ba su shiga ba. Abin da zuciya take raya wa mutum shi ne ya rama duka a rana ɗaya, kuma kuskure ne. Ta dakatar da sababbi na kwana ɗaya ko biyu. Ta fara da ɗaurin da suka fi ƙuruciya, na 21 da na 20 da na 19, domin su ne mantuwa take ci da sauri, waɗanda suka kai matakin mako guda kuwa jinkirin kwana uku ba ya yi musu illa sosai. Sababbin da suka makara kuma, ra'ayina shi ne ta zauna ta zaɓi waɗanda suka fi ƙarancin muhimmanci ta jefar, ta shiga jarrabawa da kati 520 da suka zauna. Tura ranar rufe ƙofa zuwa ta 35 yana yiwuwa, amma katunan da suka shiga a makare ba za su samu bitar kwana 14 ba, ta san da haka.

Akwai alama mai sauƙi da ke nuna lafiyar tsarin. A ƙirga faɗuwa a ɗaurin da ya dawo bayan kwana 7. Biyu ko uku cikin 20 daidai ne. Idan ta kai biyar ko shida kwana da kwanaki, to ko dai katunan sun yi tsawo, ko ana shigar da su ba tare da an koye su sosai a ranar farko ba. A rage sababbi zuwa 15 har abin ya daidaita. Rashin faɗuwa kwata-kwata shi ma abin zargi ne. Sau da yawa ɗalibi ya haddace kamannin katin ne, lanƙwasar kusurwarsa ko wanda yake biye da shi, ko kuma yana juyawa kafin ya amsa sai ya ce ai dama na sani. A riƙa cakuɗa ɗauri kafin a fara, a faɗi amsar da baki ko a rubuta ta kafin a juya, wani lokaci kuma a ba ƙani ko ƙawa su yi tambayar.

Katin da ya faɗi sau huɗu ba maimaici yake nema ba, gyara yake nema. Galibi yana da ɗan'uwa mai kama da shi da suke rikita juna, kamar nau'o'i biyu na rabuwar ƙwayar halitta, wanda yake ba da ƙwaya biyu masu kama da uwar da wanda yake ba da huɗu masu rabin adadin kuromosom. A rubuta kati na uku da yake tambayar bambancin kai tsaye.

Makonni ukun ƙarshe

Lokacin da ya kuɓuta bayan rana ta 30 yana da aikinsa. Kati zai ba ka dabarar lissafi, amma ba zai koya maka gane tambayar da take buƙatarta ba, ba zai koya maka zana jadawalin gwaji a ɗakin kimiyya ko raba awa biyu tsakanin tambayoyin rubutu ba. Wannan sai da tambayoyin shekarun baya, a zauna da agogo, littafi a rufe. Daga mako na shida ya kamata su ci mafi yawan lokacin karatu, katuna kuma su koma aikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. Kurakuran da aka yi a waɗannan tambayoyi ne kaɗai aka yarda su zama sababbin katuna, kada su wuce biyar a rana, kuma su ma ƙofarsu tana rufewa a rana ta 44, domin matakan 1 da 3 da 7 suna cin kwana 11.

WAEC da NECO ba a rana ɗaya ake gama su ba, darussan suna warwatse cikin makonni. Da zarar jadawalin jarrabawa ya fito, kowane darasi a yi masa nasa lissafin: a ɗauki ranar takardarsa, a cire kwana 26, ranar da ta fito ita ce ta ƙarshe ga sabon katinsa. Idan Kemistiri ya riga Bayoloji da kwana goma, katunan Kemistiri su fi yawa a ɗaurin farko, na Bayoloji su cike na baya. Ranar da aka rubuta takardar ƙarshe ta wani darasi, a zare katunansa daga kowane ɗauri, sai dai idan akwai NECO a gaba, to a ajiye su gefe a ci gaba da duba su duk bayan mako biyu.